Abin da Mita Ke Faɗa Tsakanin Tutiya da Jan Ƙarfe

  

Yau zancenmu a kan batir yake. Amma ba batirin kanti ba. Batiri ne da za a iya haɗawa a kan teburin ɗakin gwaji na kowace sakandare. Kofi biyu, ƙarfe iri biyu, waya, da mita irin ta masu gyaran rediyo. Idan an haɗa shi daidai, mita za ta nuna bolt 1.10.

Tambayata ita ce: daga ina wannan lamba ta fito? Kuma me take faɗa mana? Ina so in nuna muku cewa amsa uku ce a cikinta. Tana gaya mana inda sauyi zai nufa. Tana gaya mana yawan aikin da za a iya samu. Tana kuma gaya mana inda sauyin zai tsaya. A littafi, waɗannan ukun suna zuwa a babi daban-daban, har ɗalibi ya ɗauka abubuwa uku ne zai haddace. Ba haka ba ne. Magana ɗaya ce. Ku riƙe wannan, don za mu yi ta dawowa kanta.

To, mu fara da kayan aikin.

A kofi na farko akwai sandar tutiya, wato zinki, irin wanda ake shafa wa kwanon rufi. Tana tsome cikin ruwan gishirinta, salfet na tutiya, wanda ba shi da launi. A kofi na biyu akwai sandar jan ƙarfe, irin na cikin wayar wuta. Ita ma tana cikin ruwan gishirinta, salfet na jan ƙarfe, mai shuɗi garau. An haɗa sandunan biyu da waya ta cikin mita. Sai a ɗauko takardar tace ruwa, a jiƙa ta da ruwan wani gishiri kamar naitiret na fotashiyam, a ɗora ta a bakin kofunan, kowane gefe ya taɓa ruwa. Ita ake kira gadar gishiri.

Wannan haɗi na tutiya da jan ƙarfe yana ɗauke da sunan John Frederic Daniell, malamin kimiyyar sinadarai a birnin London, wanda ya ƙirƙiro shi a 1836. An daɗe ana aika saƙon tangaraho da irinsa.

Me ke faruwa a ciki? Ku cire mita, ku haɗa sandunan da waya kai tsaye, ku bar wuta ta yi ta gudu na wani lokaci, sai ku duba. Sandar tutiya tana cinyewa, tana ramewa. Sandar jan ƙarfe tana ƙara kauri, sabon ja yana kwanciya a jikinta. Shuɗin ruwan kuma yana dusashewa. Abin da ya faru shi ne, kowace ƙwayar zarra ta tutiya ta saki elektron biyu ta narke cikin ruwa. Elektron ɗin sun bi waya sun tsallaka. A can, jan ƙarfen da ke narke cikin ruwa ya karɓe su, biyu-biyu, ya koma ƙarfe.

Kun ga sauyin ya rabu gida biyu. Gefe guda ana bayarwa, gefe guda ana karɓa. Kowane gefe shi ake kira rabin sauyi. Wurin bayarwa sunansa anod. Wurin karɓa sunansa katod.

Yanzu ga gaɓa ta farko. Yaya za mu san lambar mita tun ba mu haɗa komai ba?

Akwai wata matsala da masana suka ci karo da ita. Ba a iya auna rabi shi kaɗai. Mita tana da waya biyu, kuma dole kowace ta taɓa wani abu. Abin da take aunawa kullum bambanci ne tsakanin wuri biyu. Saboda haka sai aka yi yarjejeniya. Aka ɗauki rabin sauyi na iskar haidurojin, aka ce daga yau shi ne sifili. Kowane rabi kuma sai a gwada shi da wannan, a rubuta abin da aka samu. Haka aka gina jadawalin da ke bayan littafinku.

A wannan jadawali, an rubuta kowa a matsayin mai karɓar elektron. Lambar da ke gabansa tana nuna ƙarfin kwaɗayinsa na karɓa. Jan ƙarfe yana sama da sifili da bolt 0.34. Tutiya tana ƙasa da sifili da bolt 0.76. Wanda ya fi sama shi zai karɓa. Wanda ke ƙasa dole ya bayar. Don haka jan ƙarfe ne katod, tutiya ce anod.

Lambar mita kuwa ita ce tazarar da ke tsakaninsu. Daga tutiya zuwa sifili, 0.76. Daga sifili zuwa jan ƙarfe, 0.34. Jimla, 1.10. A littafi za ku ga an ce a ɗauki lambar katod a cire ta anod. Daidai ne, abu ɗaya ne. Cire lambar da ke ƙasa da sifili, ƙari ne. Amma ni na fi so ɗalibi ya riƙa ganin tazara a ransa. Mai ganin tazara ba ya ruɗewa da alamun tarawa da ɗebewa.

Akwai sharaɗi, kuma kada a manta da shi. Lambobin jadawali na wani yanayi ne na musamman. Ƙarfin gishirin a ruwa mol ɗaya a kowace lita. Zafi kuma digiri 25 a ma'aunin Salshiyas. Wannan 'yar da'irar da kuke gani a saman harafin, kamar a E°, ita ke cewa ana maganar ma'aunin da aka tsayar. Za mu dawo kan wannan 'yar da'ira, don tana kayar da ɗalibai da yawa.

Idan kun haɗa naku mita ba ta nuna 1.10 ba fa? Kada ku yi saurin zargin littafi. Idan lambar ta fito da alamar ɗebewa a gabanta, wayoyin mita kuka juya. Ku mayar da ja kan jan ƙarfe, baƙa kan tutiya. Idan ta tsaya a sifili ko tana ta rawa, ku duba gada. Watakila ta bushe, ko gefe ɗaya bai taɓa ruwa ba. Ba gada, ba tafiya, domin caji zai taru a kofunan ya tsayar da komai nan take. Idan kuwa lambar ta yi ƙasa kaɗan, sau da yawa dattin jikin ƙarfe ne. A goge shi da samfefa har ya yi ƙyalli, a sake gwadawa.

To masu sauraro, mun gama da gaɓa ta farko. Mun san inda elektron za su nufa, mun san ƙarfin da ke tura su. Yanzu mu shiga ta biyu, wadda a ganina ita ce zuciyar darasin. Mene ne bolt?

Da yawa suna ɗauka bolt shi ne yawan wutar da ke cikin batir. A'a. Bolt yana nufin kuzarin da kowane awo na caji yake ɗauke da shi. Awon caji sunansa kulom. Awon kuzari sunansa jul. Bolt ɗaya shi ne jul ɗaya a kan kowane kulom ɗaya. A kan kowane. Ku ji wannan da kyau.

Ku ɗauka kun je kasuwa sayen gero. Akwai farashin mudu, akwai yawan mudun da kuka auna, akwai kuma jimlar kuɗin da za ku biya. Bolt shi ne farashin mudu. Cajin da ya bi waya shi ne yawan mudu. Kuzarin da aka samu shi ne jimlar kuɗi. In kun ninka farashi da yawa, kun sami jimla.

Saura mu san yawan. Masana sinadarai suna ƙirga ƙwayoyi da mol. Mol ɗaya na tutiya nauyinsa giram 65 da ɗan ɗoriya, abin da zai zauna a tafin hannu. Kowace ƙwaya tana sakin elektron biyu, don haka mol ɗaya na tutiya yana sakin mol biyu na elektron. Wannan biyun ita ce n a lissafi. Shi kuma mol ɗaya na elektron yana ɗauke da caji kusan kulom 96,500. Ana kiran wannan adadi da sunan Michael Faraday, ana rubuta shi da harafin F.

Mu ninka tare. Biyu sau 96,500, ya ba mu kulom 193,000. Sau bolt 1.10, ya ba mu jul dubu 212 da 'yan kai. Wato kilojul 212. Wannan shi ne iyakar aikin lantarki da giram 65 na tutiya za su iya yi a wannan haɗi. In kuna son ku ji girmansa, zai riƙe ƙwan fitila mai wat 10 na kusan awa shida.

Na ce iyaka, kuma da gangan na faɗa. A zahiri ba a samun duka. Da zarar wuta ta fara gudu, wani kaso yana zama zafi a cikin ruwa da waya. Gwargwadon saurin da kuka ja wutar, gwargwadon asarar. Shi ya sa lambar nan ta 1.10 ake samunta lokacin da mita ce kaɗai a kan batir, ba a ɗora masa wani nauyi ba.

Wannan iyakar aiki tana da suna. Ita ce sauyin kuzarin Gibbs, daga sunan Josiah Willard Gibbs, masanin Amurka da ya yi aikinsa a jami'ar Yale. Ana rubuta ta delta G. Ga yadda za ku gan ta a allo: ΔG° = −nFE°. Wato yawan elektron, sau adadin Faraday, sau bolt, da alamar ɗebewa a gaba.

Me ya kawo alamar ɗebewa? Ba wani sirri. Ana lissafin ne daga ɓangaren sinadaran. Su ne suka rasa kuzarin, mu muka samu. Abin da ya fita daga hannunsu sai a rubuta shi da ɗebewa. Don haka delta G na wannan batir shi ne kilojul 212 ƙasa da sifili. Ƙa'idar kuwa ita ce, duk sauyin da delta G ɗinsa ke ƙasa da sifili yana iya tafiya da kansa. Kun ga ke nan, bolt a sama da sifili da delta G a ƙasa da sifili, labari ɗaya suke bayarwa.

Kafin mu wuce, bari in tsaya a kan wani rami da ɗalibai ke yawan faɗawa. Mu cire tutiya, mu kawo azurfa. Yanzu jan ƙarfe ne da azurfa. Azurfa tana sama da sifili da bolt 0.80, ta fi jan ƙarfe. Saboda haka wannan karon jan ƙarfe ne zai bayar. Tazara daga 0.34 zuwa 0.80, bolt 0.46 ke nan.

Amma ga abin da ke kawo ruɗani. Jan ƙarfe yana sakin elektron biyu, ita kuwa azurfa ɗaya take karɓa. Dole a kawo azurfa biyu don lissafi ya daidaita. Sai ɗalibi ya ce, tunda na ninka azurfa sau biyu, bari in ninka 0.80 ɗin ma ya zama 1.60. Nan ya faɗi. Don ka sayi mudu biyu, farashin mudu ba ya ninkuwa. Jimlar kuɗi ce ke ninkuwa. Biyun nan wurinta yana cikin n, ba cikin bolt ba. Mita 0.46 za ta nuna, ko sandar azurfar ƙarama ce ko babba. Kuna da shaida a gida ma. Ƙaramin batirin rimot da babban batirin tocila, duka 1.5 aka rubuta a jikinsu. Babban ya fi daɗewa ne kawai, don kayan cikinsa sun fi yawa.

Wata 'yar tunatarwa ga malamai masu son gwada wannan haɗi na azurfa. Kada a jiƙa gadar da gishirin girki. Kulorayid ɗin da ke cikinsa zai haɗu da azurfa, ruwa ya yi fari kamar an ɗiga madara, awon kuma ya lalace.

Madalla. Gaɓa biyu sun wuce. Ga ta uku, kuma ina roƙon ku ƙara kasa kunne. Ina sauyin zai tsaya?

Batirin namu ba zai dawwama a 1.10 ba. Yana aiki, tutiya tana ƙaruwa a ruwan kofi na farko. Jan ƙarfe yana raguwa a ruwan kofi na biyu. Mai bayarwa ya fara jin cunkoso, mai karɓa ya fara ƙaranci. Ƙarfin turin sai ya riƙa sauka. Wani Bajamushe, Walther Nernst, shi ya fitar da lissafin wannan sauka a 1889.

Ga abin da lissafinsa ya ce, a sauƙaƙe. Ku kwatanta yawan tutiyar da ke ruwa da yawan jan ƙarfen da ke ruwa. Da farko kunnen doki suke. Duk lokacin da tutiya ta ƙara rinjayar jan ƙarfe ninki goma, mita za ta sauka da kusan bolt 0.03. Ninki goma, 0.03. Ninki ɗari, 0.06. Ninki dubu, 0.09. Wannan 0.03 ta fito ne daga wata lamba da ɗalibai suka sani, 0.0592, an raba ta da elektron biyun nan namu.

Ku duba ƙanƙantar wannan sauka. A ce kashi 99 cikin ɗari na jan ƙarfen ruwan ya ƙare. Shuɗin ya kusa ɓacewa. Tutiya ta rinjaye shi kusan ninki ɗari biyu. Me mita za ta nuna? Kusan bolt 1.03. Batir ya kusa mutuwa, amma lambar ba ta yi wani nisa ba. Sai a can ƙarshe take rikitowa gaba ɗaya. Shi ya sa a batir irin wannan, mita kaɗai ba ta isa ta gaya muku sauran kwanansa ba.

Yanzu ga tambayar da za ta kai mu gida. Taki nawa na 0.03 za a yi kafin 1.10 ta ƙare? Ku raba. Amsa kusan 37 ce. Wato sai tutiya ta rinjayi jan ƙarfe ninki goma, sau goma, sau goma, har sau 37, sannan mita za ta kwanta a sifili. Ku rubuta ɗaya, ku jera sifili 37 a bayanta. Kusan wannan ne girman lambar.

Lokacin da mita ta kai sifili, ba sauran turi. Ba sauran aikin da za a samu. Sauyi na gaba da na baya sun yi kunnen doki. Wannan hali shi ake kira daidaito. Rinjayen da ake da shi a wannan lokaci kuma, shi ne lambar daidaito, wadda ake rubutawa K. Kun ga mun samo K daga mita, ba tare da mun auna ruwan ba. A allo za ku gan ta haka: log K = nE°/0.0592. Abin da muka yi da baki ke nan, babu ƙari. Idan kuma ta hanyar delta G kuka bi, za ku ga ΔG° = −RT ln K. Hanya biyu ce, amma lamba ɗaya za ta fito.

Ina so mu ɗan dakata a kan wannan lamba mai sifili 37. Mol ɗaya gaba ɗayansa, yawan ƙwayoyinsa shida ne da sifili 23 a baya. To idan tutiya ta rinjayi jan ƙarfe da lamba mai sifili 37, me ya rage a kofin? A lissafi, ko ƙwaya ɗaya ta jan ƙarfe ba za ta saura a lita guda ta ruwa ba. Babu sikelin da zai auna wannan. Babu na'urar duba launi da za ta gan shi. Amma mitar hannu ta ba mu amsar cikin daƙiƙa. Wannan, a wurina, shi ne abin da ya fi cancanta ɗalibi ya tafi da shi daga wannan babi.

Yanzu mu dawo kan 'yar da'irar da na yi muku alkawari. Idan batir ya mutu, wace lamba ce ta koma sifili? E ce, marar da'ira, wadda mita ke nunawa a wannan lokaci. Haka ma delta G marar da'ira. Amma E° mai da'ira tana nan a 1.10, ba ta motsa ba. Ita siffa ce ta haɗin tutiya da jan ƙarfe, a yanayin da aka tsayar. Mai da'irar ce ke ba da K. Ɗalibin da ya saka sifili a wurinta zai sami K daidai da ɗaya, ya yi nesa da gaskiya da sifili 37.

Wani zai ce, to kowane sauyi haka yake tafiya har ƙarshe? A'a. Ku ɗauki dalma da ƙarfen kuza, irin wanda aka daɗe ana haƙowa a tsaunukan Jos. A jadawali maƙwabtan juna ne. Dalma 0.13 ƙasa da sifili, kuza 0.14. Tazarar bolt 0.01 ce kawai. Ko taki ɗaya na 0.03 ba ta kai ba. Don haka K ɗinsu ba ta wuce biyu da ɗan abu ba. Kuza zai fara ba dalma elektron, amma da ya rinjaye ta kamar ninki biyu a ruwa, sai a tsaya. In kuka ƙara gishirin kuza a ruwan, tafiyar ma sai ta juya baya. A irin wannan wuri, jadawali kaɗai ba ya yanke hukunci. Sai an san ƙarfin ruwan. Kuma a nan ne ya kamata a nemi jadawali mai lamba uku bayan ɗigo, domin ɗan kuskure a bolt yana zama babba a K.

Akwai iyaka guda biyu da ba zan rufe ba sai na faɗe su.

Ta farko, zafi. Lambar nan 0.0592 ta digiri 25 ce. Idan a Sakkwato ko Maiduguri kuke a watan Afrilu, ɗakin gwaji ya kai digiri 40, ta koma kusan 0.062. Ita kanta E° tana ɗan motsawa da zafi. Kuma a lissafi, zafin da ake sakawa na ma'aunin Kelbin ne, wato 298, ba 25 ba. Haka nan a lura, R tana cikin jul, don haka delta G ma a mayar da ita jul kafin a raba. Wanda ya bar ta a kilojul zai sami K da ba ta kai biyu ba, ga batirin da ke cinye tutiya a gaban idonsa. In kuka ga amsa irin wannan, ku san an yi tuntuɓe a hanya.

Ta biyu ta fi nauyi. Duk waɗannan lambobi uku ba su san lokaci ba. Suna cewa sauyi zai iya faruwa. Ba sa cewa yaushe. Ku duba tukunyar alminiyam da ke kan murhu. A jadawali, alminiyam yana can ƙasa, bolt 1.66 ƙasa da sifili, ya fi tutiya son bayarwa nesa ba kusa ba. In da jadawali ne kaɗai ke magana, da ruwan miya ya cinye tukunyar. Amma ga ta nan shekara da shekaru. Dalili shi ne, da zarar iska ta taɓa alminiyam, wata siririyar fata takan rufe shi, ta hana ruwa isa ga ƙarfen. Lissafin bai yi ƙarya ba. Wata tambaya ce daban aka yi masa, wadda ba tasa ba.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya kusa cimma mana, amma zan bar muku aiki. Ƙarfen ƙusa yana ƙasa da sifili da bolt 0.44, kuma elektron biyu yake saki. Jan ƙarfe kun riga kun san wurinsa. Ɗalibai, ku nemo tazarar. Ku ninka ta da kulom 193,000, ku ga kilojul nawa ne. Sannan ku raba ta da 0.03, ku ga kusan sifili nawa K za ta ɗauka. Malamai kuma, in akwai salfet na jan ƙarfe a ma'ajiyar makaranta, ku goge ƙusa da samfefa, ku tsoma ta a ruwan shuɗin nan, ku bar yara su ga launin da za ta fito da shi bayan 'yan mintoci. A kula dai, ruwan guba ne, kada ya kusanci baki, kuma a wanke hannu bayan an gama. Iyaye, ku tambaye su amsar da suka samu, ku sa su yi muku bayani da Hausa.